Dogo da Wayar Tangaraho a Gajeriyar Amsar Jarrabawa: Misali Daga Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda za a iya bayyana tasirin jirgin ƙasa da wayar tangaraho a kan mulki da yaƙi cikin amsar jarrabawa da ba ta wuce shafi ɗaya ba. An ɗauki ƙasar Ƙaraye da Rogo a yammacin Kano a matsayin misali, domin layin dogo bai ratsa ta ba, amma kuma canjin da ya kawo bai tsallake ta ba. An nuna cewa amsa mai ma'ana tana dogara ne a kan jeranta shekaru daidai, da rarrabe aikin waya daga aikin dogo, da kuma faɗin inda tasirin kowanne ya tsaya.

1.0 Gabatarwa

A darussan tarihi da al'adun Hausawa akan yi wa ɗalibai tambaya mai kama da wannan: a yi bayani a taƙaice yadda zuwan jirgin ƙasa ko wayar tangaraho ya sauya sha'anin mulki da yaƙi a ƙasar Hausa. Lokacin da ake bayarwa ba ya wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin. Amsar da aka fi cin karo da ita kuwa ita ce jerin amfanoni: jirgi ya sauƙaƙa sufuri, ya bunƙasa kasuwanci, ya haɗa Kudu da Arewa, waya ta hanzarta sadarwa. Babu ƙarya a cikin waɗannan jimloli, sai dai za a iya ɗauke su a ɗora wa Indiya ko Masar ba tare da an canza harafi ɗaya ba. Amsar da ta dace da ko'ina ba ta nuna cewa ɗalibi ya san wani wuri.

Ƙaraye da Rogo suna da amfani wajen gyara wannan rauni saboda yanayin da suka sami kansu. Layin da ya taso daga Zariya zuwa Kano ya bi ta gabashinsu ne, ta Gimi da Dangora da Madobi da Challawa. Layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya bi ta yammacinsu, ta Funtuwa. Ke nan ƙasar ta kasance tsakanin layuka biyu, babu tasha a garin Ƙaraye, babu a Rogo. Ɗalibin da aka ce ya yi bayani daga nan ba shi da damar cewa jirgi ya zo gari ya cika. Dole ya nemo hanyar da tasirin ya bi har ya iso ga manomin da bai taɓa jin kukan jirgi daga gonarsa ba, kuma neman wannan hanya shi ne ainihin abin da tambayar take so.

2.0 Jeranta Shekaru

Kuskure mafi girma, wanda yake rusa amsa tun daga tushe, shi ne ɗauka cewa da jirgin ƙasa Turawa suka ci ƙasar Hausa. Rundunar Kanar Morland ta bar Zariya ranar 29 ga Janairu, 1903, da sojoji 'yan Afirka sama da 700, da igwa huɗu da bindigogi masu ruwa huɗu. Ta fasa Bebeji a kan hanya, ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, alhali Sarki Alu yana Sakkwato. Duk tafiyar a ƙasa aka yi ta da kan dawaki, kayan yaƙi da abinci kuwa a kan 'yan dako. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Dogo bai iso Kano ba sai a 1911, ba a kuma buɗe shi ga 'yan kasuwa ba sai a watan Afrilu, 1912. Tsakanin faɗuwar birnin da isowar jirgi akwai shekara takwas.

Wannan tazara ita ce ƙashin bayan amsar. Abin da ya ci Kano shi ne bindiga mai ruwa da igwa da horon soja, tare da raunin da yaƙin basasa na 1893 zuwa 1895 ya bari a masarautar. Dogo ya zo ne bayan an gama cin ƙasa, aikinsa kuma shi ne riƙe abin da aka ci da kuma sa shi ya biya kuɗin mulkinsa. Ɗalibin da ya rubuta wannan a jimlarsa ta farko, da shekaru biyun nan, 1903 da 1911, ya riga ya nuna wa mai duba takarda cewa ya fahimci tambayar.

Haka abin yake a ɓangaren mulki. Sau da yawa ɗalibai sukan jingina tsarin gunduma ga zuwan dogo. Amma Razdan Cargill ya rarraba ƙasar Kano gunduma-gunduma, ya tura hakimai su bar birni su zauna cikin ƙasashensu, a wajajen 1907 zuwa 1908, baitulmalin Kano kuma an kafa shi a 1909. Duka biyun sun riga jirgi. A Ƙaraye ma akwai ƙarin abin lura, domin Sarkin Ƙaraye yana cikin manyan sarakunan garuruwa irin na Rano da Gaya da Dutse, waɗanda tun kafin Turawa a garuruwansu suke zaune. Saboda haka zancen cewa an fito da hakimi daga birni zuwa karkara bai dace da Ƙaraye ba kamar yadda ya dace da wasu gundumomi. Abin da ya canza a nan shi ne matsayin sarkin: ya koma hakimin gunduma mai iyaka a kan taswira, mai karɓar haraji da sunan baitulmali, daga baya kuma mai albashi.

3.0 Aikin Waya da Aikin Dogo

Tambayar takan haɗa abubuwan biyu a jimla ɗaya, shi ya sa ɗalibai suke gwama su. Rarrabe su yana da sauƙi. Waya tana ɗaukar labari da umarni, dogo yana ɗaukar nauyi, wato mutane da hatsi da harsashi da gyaɗa. Waya ta fi araha nesa ba kusa ba, domin turaku ne da zaren ƙarfe, shi ya sa ta riga dogo isa Kano da shekaru. Tun 1886 aka haɗa Ikko da Ingila ta wayar da ke bi ta ƙarƙashin teku, don haka da zarar layin cikin ƙasa ya isa wani gari, garin ya haɗu da Landan ke nan.

Misalin da ya fi fito da aikin waya da iyakarta shi ne Satiru. Ranar 14 ga Fabrairu, 1906, mutanen wannan ƙauye da ke kudu da Sakkwato suka tarwatsa rundunar sojan doki ta Turawa, suka kashe Turawa uku da sojoji da yawa, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Labarin ya iske Lugard, wanda Hausawa suka sani da Gwamna Lugga, a Zungeru ta waya cikin ɗan lokaci. A daidai wannan lokaci yawancin sojojinsa suna can ƙasar Tibi, inda aka tura su bayan rikicin Abinsi. Da waya aka kira su, da waya aka tara na sauran barikoki. Amma ba a ƙone Satiru ba sai ranar 10 ga Maris, wato bayan kwana 24. Waɗannan kwanaki su ne tsawon tafiyar ƙafa, domin waya ta kai umarni nan take amma ba ta ɗauki soja ko ɗaya ba. Da a cikin kwanakin nan Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya juya wa Turawa baya, da wayar ba ta tsinana musu komai ba face sanar da su girman asararsu.

Akwai wata fuska ta waya da ɗalibai ba su cika ambata ba, ga shi kuwa tana ƙara wa amsa nauyi. Wayar da ta ba Gwamna iko a kan razdanoninsa ita ce ta ba Landan iko a kan Gwamna. A farkon 1906 ofishin kula da ƙasashen mallaka ya buga wa Lugard waya yana taka masa birki game da yaƙin ƙasar Tibi. Kafin waya, jami'in da ke nesa yakan yi abin da ya ga dama sannan ya rubuta rahoto, takardar ta yi makonni a hanya. Bayan waya sai ya zama ana iya tambayarsa dalili tun kafin ya ɗaga ƙafa. Wannan shi ne babban canjin da ta kawo wa mulki: ta tattara yanke shawara a sama.

Dogo kuwa ana gane aikinsa ne ta hanyar lissafin nauyi. Kayan ɗan dako ɗaya a ma'aunin Turawa laba 60 ne, tafiyar yini kuma kimanin mil 15. Tan ɗaya laba 2,240 ne, ke nan yana bukatar mutum 37 ko 38. Tan ɗari yana bukatar sama da mutum 3,700. Matsalar ba ta tsaya a yawan mutanen ba, domin kowane ɗan dako ciki ne da shi. In aka ƙaddara yana cin laba biyu na hatsi a yini, to a cikin kwana talatin ya cinye daidai nauyin abin da yake ɗauke da shi. Saboda haka rundunar da ke tafiya da 'yan dako ko dai ta taƙaita zangonta, ko ta ci daga rumbunan garuruwan da ta ratsa, abin da ya sa wucewar runduna, ta sarki ce ko ta Bature, take zama masifa ga talakawan kan hanya. Jirgi ɗaya yana ɗaukar abin da dubban kawuna za su ɗauka, ba ya kuma cin dawa. Jimla biyu a kan wannan lissafi sun fi sakin layi guda na cewa jirgi ya sauƙaƙa sufuri.

Turawan sun san wannan sarai. Wanda ya gaji Lugard a 1907, Percy Girouard, injiniyan soja ne da ya shimfiɗa wa Kitchener dogo a hamadar Sudan a 1897, layin da ya ɗauki rundunar Ingila a kan hanyarta ta zuwa Omdurman. A zamaninsa aka fara aikin layin Baro zuwa Kano, mai tsawon mil 356, wanda ya haɗu da layin Ikko a Minna. A Sudan dogo ya shige wa yaƙi gaba, a Arewacin Nijeriya ya biyo bayansa, kuma ɗalibin da ya iya wannan kwatanci a jimla ɗaya ya nuna ya san bambancin wuri da wuri. Amfanin layin Kano a fagen yaƙi bai bayyana sosai ba sai a Yaƙin Duniya na Farko. Da Kawusan ya yi wa Agadas ƙawanya a watan Disamba, 1916, Faransawa sun kawo sojoji ta teku zuwa Ikko, aka ɗauko su a jirgi zuwa Kano, daga nan suka taka zuwa Damagaram, aka kuma karya ƙawanyar a farkon Maris, 1917. A nan ma iyakar a fili take, domin daga inda dogo ya ƙare sai ƙafa da raƙumi. Mayar da hedikwatar mulki daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917 shi ma yana da nasaba da layin, domin Kaduna tana kansa, daga nan ana iya tura soja kudu ko arewa.

4.0 Yadda Tasirin Ya Isa Ƙaraye da Rogo

A ƙarni na goma sha tara yammacin Kano bakin iyaka ne. Mahara daga Maraɗi sukan keto daji su faɗa wa garuruwan wannan sashe, su kwashe mutane da dabbobi su juya kafin gudummawa ta iso daga birni, wanda yake tafiyar kwana biyu ko uku a ƙasa. Kariyar talaka ita ce ganuwa, da dawakin sarkin garinsa, da manzon da zai yi sukuwa ya kai labari. Darajar Sarkin Ƙaraye a wurin Sarkin Kano ba ta rasa nasaba da wannan aiki na tsaron iyaka.

A nan ma ɗalibi yana iya zamewa ya ce jirgi ne ya kawo ƙarshen hare-hare. Abin da ya kawo ƙarshensu shi ne shigar Maraɗi hannun Faransawa da shigar Kano da Katsina hannun Ingilishi, da shata iyaka tsakanin ƙasashen biyu a shekarun 1904 zuwa 1908. Rawar da waya da dogo suka taka ita ce tabbatar da cewa wannan yanayi ya ɗore da soja kaɗan. Tunda ana iya jin labari a Kano cikin sa'o'i daga wasu larduna, a kuma kawo runduna daga Kaduna cikin yini guda, babu bukatar ajiye dakaru a kowace gunduma. Ganuwa ta zama abin da damina take cinyewa ba mai gyara, mutane suka sami damar fita su kafa ƙauyuka a wuraren da a da ba a iya kwana. Aikin soja na sarkin gari ya mutu, aikin haraji ya maye gurbinsa.

Tasiri na farko da talaka ya ji a jikinsa ya zo ne tun kafin jirgi ya fara tafiya, wato aikin shimfiɗa layin. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar mutane daga ƙasashen da layin ya ratsa da maƙwabtansu, ana kai su haƙa da ɗaukar ƙasa. Michael Mason ya nuna a nazarinsa cewa aikin tilas ne, ko da yake ana biyan lada. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi Waƙar Diga a kan wannan aiki, kuma ga ɗalibin Hausa ambaton waƙar hujja ce mai kyau, domin shaida ce daga cikin gida a kan yadda aka ga al'amarin a lokacin. Muhimmin abu ga tambayar mulki shi ne an biya leburori da tsabar kuɗin Turawa, sule da sisi, hannu da hannu. Ta haka kuɗin ƙarfe ya fara yaɗuwa a karkara inda wuri ne kuɗi.

Wuri yana da nauyi, ƙidayarsa tana cin lokaci, kai harajin gunduma guda zuwa birni kuwa aikin ayarin 'yan dako ne. Gwamnatin mallaka ba ta iya biyan soja ko sayen kaya daga Ingila da shi. Tana bukatar haraji da sule, shi kuwa manomi ba shi da sule sai ya sayar da wani abu ga mai sule. Turawa sun sa rai auduga ce za ta cike wannan gurbi, amma masaƙan ƙasar Kano suna sayen auduga da farashin da ya fi na kamfani. Abin da ya faru, kamar yadda Jan Hogendorn ya bayyana, shi ne manoma da fataken Kano suka juya ga gyaɗa. A 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar waje ba ta kai tan 3,000 ba, a 1913 ta haura tan 19,000. In aka mayar da wannan adadi cikin lissafin 'yan dako da ya gabata, zai bukaci kawuna sama da dubu ɗari bakwai. Ba don dogo ba da wannan ciniki bai yiwu ba ko kaɗan.

Yanzu sarƙar ta haɗu. Kamfanoni irin su Kamfanin Neja da John Holt suna samun farashin kasuwar Turai ta waya, su ba dillalansu kuɗi. Dillalai da yaransu su shiga karkara su saya. Jakuna su kai buhuna Kano ko tasha mafi kusa. Manomin ƙasar Ƙaraye ko ta Rogo ya karɓi sule, ya biya haraji ga mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmali a Kano, inda ake raba kason gwamnati da na En'e. Daga kason En'e ake biyan albashin hakimin da alƙali da malaman haraji da dogarai. Wanda ake biya albashi kuwa ana iya ƙidaya abin da ya kawo, a kwatanta da na bara, a kira shi ya yi bayanin giɓi, a kuma tuɓe shi. Ta wannan hanya dogon da bai ratsa Ƙaraye ba ya canza dangantakar sarkinta da Kano da kuma ta talaka da sarkin.

Iyakar ma tana nan kusa. Waya ta tsaya ne a manyan cibiyoyi. Daga ofishin Razdan da fadar Sarkin Kano zuwa gunduma, saƙo ya ci gaba da tafiya a hannun masinja da dogari a kan doki, Di'o kuma sai da rangadi yake ganin ƙauyuka. Nisan da ya fi wuya a mulkin mallaka shi ne na ƙarshe, daga birni zuwa ƙauye, kuma motoci ne suka rage shi daga baya. Wannan shi ya sa Turawa ba su taɓa iya rabuwa da hakimi da dagaci ba, komai tsawon layukansu.

5.0 Misalin Amsa da Fiɗarta

Ga yadda za a iya tattara abin da ya gabata cikin amsar da ɗalibi zai iya rubutawa a minti goma sha biyar:

“Turawa sun ci Kano a 1903 da ƙafa da 'yan dako, dogo kuwa bai iso ba sai 1911, saboda haka aikinsa riƙe ƙasa ne bayan an ci ta. Waya ta hanzarta labari da umarni. A rikicin Satiru na 1906 labari ya isa Zungeru nan da nan, aka tara sojoji daga nesa, amma sai da suka yi kwana 24 kafin su kai hari, domin a ƙasa suka tafi. Dogo ya magance matsalar nauyi: tan ɗaya yana bukatar 'yan dako kusan 37, don haka jirgi ya ba da damar ajiye soja kaɗan a wuri ɗaya a tura su inda ake so, kamar yadda aka kawo sojojin Faransa Kano a kan hanyarsu ta Agadas a yaƙin Kawusan. A fannin mulki, dogo ya buɗe cinikin gyaɗa daga 1912, ya yaɗa sule, ya sa haraji ya koma na tsabar kuɗi. A Ƙaraye da Rogo, inda layin bai bi ba, sarkin da a da yake tsaron iyaka daga maharan Maraɗi ya koma hakimi mai tara wa baitulmali haraji yana karɓar albashi. Sai dai tsarin gunduma ya riga dogo, kuma daga Kano zuwa ƙauye saƙo ya ci gaba da tafiya a kan doki.”

Jimlar farko ta ɗauki matsayi, ta kuma kafa shi da shekaru biyu. Wannan ya fi buɗewa da ma'anar jirgin ƙasa ko tarihin wanda ya ƙirƙiro tangaraho, abin da kan cinye kashi ɗaya cikin uku na lokacin ɗalibi ba tare da ya taɓa tambayar ba. Kowace da'awa da ta biyo baya tana tafe da misali ɗaya tak, kuma misalin yana ɗauke da adadi ko shekara. Satiru ta yi aiki biyu a lokaci guda, ta nuna ƙarfin waya ta kuma nuna gazawarta, irin misalin da ya kamata a zaɓa ke nan idan wuri ya yi kaɗan. Kalmomin da suka riƙe amsar su ne “saboda haka” da “domin” da “don haka” da “sai dai”. Mai duba takarda yana iya gane amsar da ta yi bayani daga wadda ta yi jeri ta hanyar neman waɗannan kalmomi kawai. Inda “kuma” ce kaɗai take haɗa jimloli daga farko har ƙarshe, jeri aka yi.

An bar abubuwa da dama a waje da gangan: Girouard da Sudan, birkin da Landan ta taka wa Lugard, aikin diga, komawa Kaduna. Kowanne daga cikinsu yana iya maye gurbin wani misali, amma ba a cusa su duka. In tambayar ta tsaya a kan waya kaɗai, sai a cire gyaɗa a saka zancen Landan da ƙasar Tibi, domin shi ne yake nuna canjin mulki. In a kan dogo kaɗai ta tsaya, sai a cire Satiru a saka aikin diga da biyan leburori da sule. In kuwa takardar ta adabi ko al'ada ce, Waƙar Diga da kalmomin da zamanin ya bari a harshe, irin su tasha da tangaraho da lebura da buga waya, su ne za su shige gaba.

Akwai wurin da ko ɗalibi mai ƙwazo yakan yi tuntuɓe, wato sunan Rogo. A zamanin da ake magana a kai Rogo tana cikin ƙasar Ƙaraye ne, ƙaramar hukumarta kuwa ta zo ne bayan 'yancin kai da shekaru masu yawa. Rubuta “hakimin Rogo” ko “ƙaramar hukumar Rogo” a cikin bayanin 1912 ɗora tsarin yau ne a kan na jiya. Haka nan kiran Sarkin Ƙaraye na wancan lokaci sarki mai masarauta tasa, domin masarautar Ƙaraye mai cin gashin kanta an ƙirƙire ta ne a 2019. A 1912 hakimi ne a ƙarƙashin Sarkin Kano Abbas, kuma ta hannun Abbas umarnin Razdan yake iso masa.